Labari Ɗaya Tak a Takardar Neman Aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa zama tantance takardun neman aiki a nan Katsina ya san wannan jimla: "Ni mai ƙwazo ne, na iya magance matsaloli." Kowa ita yake rubutawa, don haka ba ta ɗaga kowa. Abin da ke tsayar da mai karatu shi ne sakin layi guda da aka gina a kan abu ɗaya da ya faru da kai a wurin aiki.

A ce wata ƙanwarmu ta yi aiki a kantin magani wajen Ƙofar Ƙaura, yanzu tana neman aikin kula da sito. Ku saurari abin da za ta rubuta:

"A kantin da na yi aiki, kusan duk wata sai an zubar da maganin da wa'adinsa ya ƙare. Da na bi diddigi, sai na ga sabon kaya ake jerawa a gaba, tsohon ya maƙale a baya. Na nemi izinin maigida, na rubuta wa'adin kowane kwali a gefensa da manyan baƙaƙe, na dawo da masu kusa da ƙarewa gaba. Na kuma buɗe ɗan littafi da nake dubawa duk Asabar, wanda ya rage masa wata 3 in sanar da maigida. A wata 6 da suka biyo baya, kwali ɗaya kacal muka zubar. Irin wannan sa ido nake so in kawo sitonku."

Kun ga a jimla ɗaya ta faɗi matsalar. Nan mutane da yawa ke ɓata wuri, su yi ta bayanin kanti da unguwa har labarin ya ƙare ba su shigo ciki ba.

Nauyin yana tsakiya. "Da na bi diddigi" ita ce ta nuna yadda take tunani, domin ba ta tsaya a kan asarar ba, ta nemo dalilinta. Daga nan sai aikin hannunta: na nemi izini, na rubuta, na buɗe. Na san tarbiyyarmu ta koya mana kunyar cewa "ni", kuma ina girmama wannan. Amma idan kika ce "mun gyara", mai karatu ba zai san ko ke kika gyara ko kallo kika yi ba. Neman izinin nan ma ba ado ba ne, ya nuna ba ta tsallake na gaba da ita.

Ku lura ba ta zargi kowa ba. "Ake jerawa" ta ce, ba ta kama sunan abokin aiki ba.

Sai adadi. Ranar ganawa za su iya tambayar ki wane magani ne a kwalin nan, ko su kira tsohon maigidanki. Idan ba ki riƙe adadin daidai ba, rubuta cewa asarar ta ragu har maigida ya bar littafin a hannunki, muddin haka aka yi.