Yadda za ka maida takardar semina ta zama magana

To jama'a, ka rubuta takardar semina shafi goma sha biyar, ka sha wahala a laburare, an ce maka gobe kana da minti goma sha biyar a gaban malamai. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu ɗauko takardar nan mu sunkuyar da kai mu hau karatu tun daga gabatarwa, kana shafi na biyar sai ka ji shugaban zama ya ƙwanƙwasa tebur ya ce saura minti biyu, daga nan sai gudu, sai tsallake, sakamakon binciken da shi ne ma dalilin zuwanka ba wanda ya ji shi. Ni ma na yi wannan, shi ya sa nake faɗa.

Mu fara da lissafi. Takarda mai shafi 15 da tazara biyu tsakanin layi ta kai wajen kalma 4,500. Mutumin da yake magana a natse a gaban jama'a yana yin kamar kalma 120 a minti ɗaya, amma kar ka ɗauki nawa, ɗauko wayarka ka kunna agogo ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi ka ga naka. In dai 120 ɗin ne, karanta takardarka duka zai ci sama da minti 37. Kai kuma 15 gare ka, kuma cikin 15 ɗin cire biyu na shiru da canza silaid, saura 13, wato kalma 1,560. Kashi ɗaya cikin uku kenan. Don haka maganar "bari in ɗan rage" ba ta taso ba, sabon rubutu za ka yi, na kunne.

Mai karatu idan ya ɓata yana iya komawa baya ya sake duba sakin layin, yana ganin kanun sashe da waƙafi da aya. Mai sauraro ba shi da ko ɗaya, maganar da ta wuce ta wuce. Aikin da kanu da aya suke yi a takarda, yanzu bakinka ne zai yi shi.

Bari mu ɗauki misali. A ce takardarka a kan yadda rubutun boko ya sha gaban ajami ce a ƙasar Hausa. Ga jimlar da ka rubuta: "Duk da cewa ajami ya daɗe yana aiki a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, musamman wajen rubuta waƙoƙin wa'azi, buɗe makarantar Hanns Vischer a Nassarawa ta Kano a 1909, tare da fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, sun taka rawa wajen kafuwar boko a matsayin rubutun hukuma." A ido lafiya lau. Amma gwada faɗarta da numfashi ɗaya, kafin ka kai "sun taka rawa" mai sauraro ya manta su wa suka taka.

Ga ta kuma bayan an maida ta magana, ku duba sandunan da na ja, alamar inda za a dakata ce:

Kafin Turawa su zo, / Bahaushe yana rubutu. // Da ajami yake yi. // To me ya sa yau boko muke rubutawa? /// Abu biyu zan nuna maku. / Na farko makaranta. // A 1909, // Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, // ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. // Na biyu jarida. // Shekara talatin bayan nan, / a 1939, // Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya.

Ku lura da abin da ya faru. Jimla ɗaya ta koma kusan takwas, "duk da cewa" ta tafi, an saka tambaya, kuma kafin in ba ka shekarun na gaya maka abu biyu ne suke zuwa, saboda haka ka buɗe masu aljihu biyu a kanka. Na kuma ce "shekara talatin bayan nan" don kar in bar ka kana ɗebe 1909 daga 1939 ni kuma na yi gaba.

Wannan "abu biyu zan nuna maku" shi ne alamar hanya, kamar allon bakin titi da yake gaya maka saura kilomita kaza ka shiga Zariya. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, mai tatsuniya yana cewa gatanan gatananku kowa ya san an fara, ya ce ƙurunƙus kowa ya san an gama. Malami a wajen karatu shi ma zai ce "to wannan mas'ala ta ƙare, sai mu shiga ta gaba". Haka za ka yi. Cikin minti ɗaya na farko faɗi tambayarka da amsarka da adadin zangon da za a yi, kar ka ɓoye sakamako sai ƙarshe, ba labarin soyayya ba ne. A kowace mahaɗa kuma ka rufe ƙofa kafin ka buɗe wata: "maganar makaranta kenan, mun ga ita ta samar da masu karatu, yanzu tambayar ita ce me za su karanta, nan jarida ta shigo". Ka ga ban tsaya a "sai batu na gaba" kawai ba, na faɗi dalilin da ya sa na biyu ya biyo na farko. Wasu kuma suna cika gishiri, kowace jimla sai "yanzu zan yi bayani a kan", har ka ƙosa a fara bayanin. A minti goma sha biyar, taswira ɗaya a farko, mahaɗa uku ko huɗu, da "a ƙarshe" guda ɗaya sun isa, kuma in ka ce a ƙarshe to don Allah ka ƙare.

Sai sandunan. Sanda ɗaya numfashi ne kawai. Biyu, ƙirga ɗaya biyu a zuci, nan ne bayan shekara ko suna ko adadi, don mai rubutawa ya samu ya rubuta. Uku shiru ne na gaske, sakan uku zuwa huɗu, bayan tambaya, bayan babbar hujjarka, da lokacin da sabon silaid ya fito, saboda idan mutane suna karanta allo ba sa jin ka. Dalilin da ya sa sai ka rubuta su da biro shi ne ranar da gabanka yake faɗuwa sakan uku zai zame maka kamar minti guda, za ka ji kamar kowa ya ɗauka ka manta ne, sai ka cike gurbin da "eh", "wato", "yauwa". Sandar da ke kan takarda ita za ta riƙe ka.

Me za ka yanke? Bitar ayyukan magabata da ta ci shafi huɗu ta koma jimla uku: ga abin da aka ce, ga inda aka tsaya, ga inda na ɗora. Sunaye da shekaru da lambar shafi na cikin baka-biyu su zauna a takarda ko silaid, ka ambaci mutum ɗaya ko biyu da kake jayayya da su. Doguwar magana da ka ciro daga wani littafi, ɗauki layi ɗaya, ka ce "ga abin da ya ce", in ka gama ka ce "ƙarshen maganarsa kenan", tunda kunne ba ya ganin alamar zance.

Daga nan buga shi da manyan haruffa, girma 14 ko 16, gefe ɗaya na takarda, kowane shafi ya ƙare a ƙarshen jimla, ka rubuta a gefe "minti 5", "minti 10" inda ya kamata ka kai. Ka kewaye sakin layi ɗaya a tsakiya wanda in lokaci ya ƙure ko wuta ta ɗauke firojekta ya mutu za ka tsallake shi ba abin da zai rushe. Sai ka miƙe tsaye ka yi rikodin a waya. Duk inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ke da laifi, sake ta. Sannan tura wa ƙanwarka ko abokin ɗakinka da bai san fannin ba, in ya gama ji tambaye shi abu nawa ka ce za ka nuna kuma mene ne su. In ya kawo makaranta ya kasa kawo jarida, koma mahaɗar da ke tsakaninsu, a nan ka yar da shi.