Gyaran Hoto: Bambancin Manhajar Gyara Mai Ƙirƙirarriyar Basira da Manhajar Hira

An rubuto wannan lacca daga faifan murya. An gabatar da ita a Katsina ga masu ɗaukar hoto da masu shagunan buga fosta.

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka. Na baya a matso, don akwai abin da sai an kalli allo za a gane.

Zan ɗauki aiki guda ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce an kawo hoton mahayi da aka ɗauka ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro: yana bisa doki, da rawani, da babbar riga mai aska takwas. Hoton ya yi kyau, sai dai wayar lantarki ta gitta ta bayan kansa, kuma wani yaro ya shigo ta gefe yana ɗaga wayar hannu. Mai hoton yana so a cire su, a buga masa a takardar A3. Kana da hanya biyu. Ko ka buɗe Photoshop ka yi amfani da Generative Fill, mai zana abin da zai cike wurin da ka shata, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 2023, ko ka ɗora hoton a manhajar hira irin ChatGPT, Gemini ko Meta AI na cikin WhatsApp, ka rubuta a cire wayar lantarkin da yaron.

Mutane suna ɗauka bambancin shi ne wace ta fi wayo. Ba nan yake ba. Injin da ke zana hoto a cikinsu ɗan gida ɗaya ne, har ma sababbin Photoshop suna ba ka zaɓin injin wasu kamfanoni a cikin Generative Fill. Bambancin yana wurin iyaka. Manhajar gyara tana barin ka shata wurin da za a taɓa, abin da ke waje kuwa ya zauna yadda kyamara ta ɗauko shi. Manhajar hira tana kallon hotonka ne, ta zana wani sabo mai kama da shi. Kamar ka kai wa tela riga ce ta yage a aljihu: wani ya yi maka faci, wani kuma ya ɗinka sabuwa yana kwaikwayon tsohuwar. Sabuwar tana iya yin kyau ƙwarai, amma ba rigarka ba ce.

To me ke lalacewa idan aka sake zanen? Fuska ce ta farko. Hanci ya ɗan sirance, fata ta yi sumul kamar an goga mata mai, tsagar gado ko tabon sallah su dushe ko su ɓace. Baƙo ba zai lura ba, amma mai hoton da iyalinsa kallo ɗaya za su yi su ce wannan ba shi ba ne. Daga nan sai aikin riga. Injin ya san akwai ado a ƙirji, bai san ana ƙirga aska ba, don haka sai ka ga sun ragu, ko sun narke sun koma wani zane da ba ɗinkin Bahaushe ba. Naɗin rawani ma haka, kuma a garin sarauta kun fi kowa sanin naɗi ba ado kawai ba ne, yana nuna matsayin mutum. Kuma duk lokacin da ka ce a sake gyara kaza, sabon zane ake yi a kan na baya. Zuwa karo na huɗu ko na biyar, mutumin ya yi nisa da kamanninsa. Ko da manhajar hirar tana da burushin zaɓen wuri, kamar yadda ChatGPT ke da shi, canjin yakan tsallake wurin da ka shafa.

Sai girma. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai fiksel 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. Takardar A3 santimita 42 ce da 29.7, kuma in ana son bugu mai kaifi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ana buƙatar fiksel 4961 da 3508. Hoton kyamara ya wadatar har da ragi. Girman da ChatGPT ya saba dawowa da shi kuwa 1536 da 1024 ne. Shimfiɗa 1536 a kan inci 16 da rabi, wato tsawon A3, za ka samu ɗigo kusan 93 a inci. A allon waya tas yake, a takarda sai ya yi dishi-dishi. Akwai manhajojin hira da yanzu ke ba da girma fiye da haka, amma ƙarin girman bai mayar da fuskar asali ba. Ga WhatsApp kuma, yana matse hoto tun kafin ya isa. Ku riƙa cewa kwastoma ya turo a matsayin Document, ba daga Gallery ba.

Yanzu mu yi aikin a Photoshop.

Ka buɗe hoton, ka danna Ctrl+J don a samu kwafi, asalin ya zauna a ƙasa ba a taɓa ba. Fara da wayar lantarki. Ita ba ta buƙatar Generative Fill: Remove Tool ya ishe ta, ko ma Spot Healing Brush, wanda ba ruwansa da sabis ko data. Ka bi ta gaɓa-gaɓa, ka tsaya kafin ka kai bakin rawani. Inda waya ta haɗu da rawani, ka zuƙo hoton ka rage burushi, domin a nan ne gefen naɗi ke cinyewa.

Yaron ne aikin Generative Fill. Ɗauki Lasso Tool ka zagaye shi, ka bar ɗan fili a kewayensa. In hannunka ya matse, shiga Select, Modify, Expand, ka ƙara fiksel 10 zuwa 20. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne inuwa. In ka zagaye yaron ka bar inuwarsa a ƙasa, ko ka bar ɗan yatsa ko bakin takalmi a waje, injin zai ga alamar mutum, sai ya zana maka wani mutumin a gurbin. Ka cire yaro, ka samu baƙon da babu wanda ya san shi. Saboda haka inuwa da duk wani ɓurɓushi su shiga cikin zagayen. Sannan ka danna Generative Fill, ka bar akwatin rubutu babu komai, ka danna Generate. Kada ka rubuta sunan abin da kake son cirewa, don akwatin na abin da za a zana ne. In ka ambaci yaro, yaro za a kawo.

Za a ba ka zaɓi uku a Properties. Wanda ka ɗauka yana zaune a kan leyarsa daban, da abin rufewarsa, wato Layer Mask. Wannan ne alherin manhajar gyara gaba ɗaya. In facin ya ci jelar doki, ka ɗauki baƙin burushi ka shafa a kan abin rufewar, jelar asali ta fito daga ƙasa. In mai hoton ya dawo bayan mako ya ce ashe yaron ɗan ƙanensa ne a bar shi, ka kashe idon leyar, shi ke nan. Muddin ka adana a PSD ke nan. A manhajar hira hoto ɗaya shimfiɗaɗɗe kake samu, babu leya, babu ƙasa da sama.

Amma kada ku ce Generative Fill ba shi da aibi. Da farko facin da yake zanawa bai wuce fiksel 1024 a kowane gefe ba. An ƙara a sababbin fitowa, sai dai iyakar tana nan. In ka zagaye wuri mai faɗin fiksel 3000 aka cike shi da faci na 1024, an ja shi kusan ninki uku, sai wurin ya yi laushi alhali kewayensa da kaifi. Magani shi ne a yi ƙanana-ƙanana: kai da kafaɗa, sannan jiki, sannan ƙafa da inuwa. Danna Ctrl+1 ka duba a girman ɗari bisa ɗari. In facin ya fi sauran hoton santsi, musamman hoton yamma mai tsakuwa-tsakuwa, shiga Filter, Noise, Add Noise, ka sa kashi 1 ko 2.

Ga gwajin da nake so kowa ya yi da ya koma shago. Fitar da hoton da aka gyara, ka ɗora shi a kan asalin a leya biyu, ka sauya Blend Mode na saman daga Normal zuwa Difference. Duk inda hotunan suke iri ɗaya zai yi baƙi ƙirin. Na Photoshop, allo baƙi za ka gani, sai layin waya da siffar yaron kawai ke haske. Na manhajar hira, bayan ka daidaita girmansu, za ka ga haske a fuska, a riga, a idon doki, har a bangon baya. Wuraren da aka sake zanawa ke nan ba ka sa ba.

Rubutu a kan fosta ba na son ya wuce ban faɗa ba. Kada a bar injin zane ya rubuta Hausa, ko na wace manhaja ne. Yana zana kamannin haruffa ne, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ takan faɗi, ƙasa ta koma kasa, kuma ba ka iya goge harafi ɗaya ka gyara. A buga da Type Tool, da salon rubutu mai ɗauke da haruffanmu.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wani matashi ya miƙe:

"Allah ya gafarta malam, mu da ba mu da kwamfuta sai waya fa? Kuma ke nan manhajar hira ba ta da amfani a sana'armu?"

Malam ya amsa: Samari, tana da shi, a wurin da babu asalin da ake tsoron ɓatawa. Kana neman fasalin bangon katin biki, ko launukan da za su dace da juna, ko ka nuna wa kwastoma samfuri uku ya zaɓa kafin ka zauna aiki, nan ta fi sauri nesa ba kusa ba. Da an ce fuskar wane ce, ko hoton fasfo, ko hoton marigayi da babu wani kwafinsa, to a koma wa manhajar gyara. A waya kuwa, nemi wadda ke barin ka shata wuri da yatsa, irin Magic Eraser na Google Photos ko Object eraser na wayoyin Samsung, kuma ka adana a matsayin kwafi, kada ka danne asalin.

Wata baiwar Allah mai shagon hoton mata ta ce: "Malam, hotunan amare fa? Wasu mazan ba sa son hoton iyalinsu ya fita."

Malam ya ce: Hajiya, a nan kam duka biyun fita yake yi. Generative Fill ba a cikin kwamfutarki yake zanen ba, ana tura hoton ne ta intanet zuwa injinan Adobe, shi ya sa in sabis ya ɗauke yake tsayawa. Waɗanda ke aiki a cikin kwamfutar kaɗai su ne Clone Stamp, Spot Healing Brush da Content-Aware Fill, wanda yake nan tun 2010. Remove Tool kuma yana da zaɓi a sama, sai ki sa shi a Generative AI off. In kina son tabbatarwa, ki kashe data ki gwada: abin da ya yi aiki a haka, hoton bai bar shagonki ba.