Amsoshin Tambayoyinku: Babban Banki bai taɓa MPR ba, me ya sauko da kuɗin ruwa tsakanin bankuna?

"Assalamu alaikum. A watan Nuwamban 2025 na ji an ce Babban Bankin Najeriya ya bar kuɗin ruwansa a kashi 27 cikin 100, bai taɓa shi ba. Amma ɗana da ke aikin banki a Marina ya ce kuɗi ya yi araha a tsakanin bankuna. Wa zan gaskata, labarai ko ɗana?" Wasiƙar wani dattijo ke nan, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka gaskata su duka biyu, domin babu wanda ya yi maka ƙarya.

Kashi 27 ɗin nan da ake kira MPR, tuta ce kawai da Babban Banki yake kafawa. Ba a wannan farashi bankuna suke hulɗar yau da kullum da shi ba. Abin da suke amfani da shi tagogi biyu ne da yake buɗe musu kowace ranar aiki. Ɗaya tagar rance ce, SLF: bankin da kuɗi suka yanke masa da yamma zai kai jinginar takardun bashin gwamnati, a ba shi rance na kwana ɗaya, a farashin da ya ɗara MPR. Ɗayar tagar ajiya ce, SDF: bankin da kuɗi suka yi masa yawa zai kwantar da su a Babban Banki zuwa wayewar gari, a biya shi ƙasa da MPR. Tun Disamban 2006 aka shigo da wannan tsari, lokacin MPR yana kashi 10, tagar rance 13, tagar ajiya 7.

Me ya sa banki zai wayi gari da kuɗi, ya kai yamma babu? Kowane banki yana da asusu a Babban Banki, kuma ta nan ake warware duk kuɗin da jama'a suke turawa daga wannan banki zuwa wancan. Kai da kanka, Alhaji, idan ka tura kuɗin tirela guda zuwa Kano, kuma mai kayan a wani banki yake, asusun bankinka ya ragu, na wancan ya ƙaru. Kafin a rufe aiki dole kowa ya daidaita asusunsa. Sai masu rara da masu giɓi su shiga buga wa juna waya. Wannan ita ce kasuwar rance tsakanin bankuna, kuma yawancin cinikin a nan Legas ake ƙulla shi, tunda a nan manyan ofisoshinsu suke.

Mu yi lissafi da alƙaluman ƙarshen 2024, lokacin MPR yana kashi 27.5, tagar rance 32.5, tagar ajiya 26.5. A ce wani banki yana da rarar naira biliyan 10, wani kuma yana neman daidai wannan adadi. Idan mai rarar ya kai tagar ajiya, zai samu kimanin naira miliyan 7 da dubu 260 a dare ɗaya, wato kashi 26.5 na biliyan 10 a raba gida 365. Idan mai giɓin ya je tagar rance, zai biya kimanin miliyan 8 da dubu 900. To ka ga mai rara ba zai ba ɗan'uwansa a ƙasa da 26.5 ba, tunda yana da inda zai samu haka ba tare da fargabar a ci masa kuɗi ba. Mai giɓi shi ma ba zai biya fiye da 32.5 ba. Idan suka daidaita a kashi 29, kuɗin ruwan daren ya kama kusan miliyan 7 da dubu 945: wancan ya ƙaru da kimanin dubu 685, wannan ya tsira da kusan dubu 960. Kamar a ce a kasuwarku akwai wani attajiri da kullum zai sayi kwando a dubu 20, ya kuma sayar wa duk mai so a dubu 25. Ba sai ya zagaya rumfuna yana ba da umarni ba, ciniki da kansa zai tsaya a tsakanin nan.

Saura a san a wane ɓangare na tsakanin zai tsaya, kuma nan ne amsar wasiƙarka take. Yawan kuɗin da ke hannun bankuna gaba ɗayansu shi ke yanke wannan hukunci. Ranar da aka raba kason wata-wata ga gwamnatocin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi, ko wa'adin wasu takardun bashi ya cika aka biya masu su, kuɗi sukan malalo cikin bankuna. Kowa yana son bayarwa, masu karɓa kaɗan ne, sai farashi ya gangaro ya zauna dab da na tagar ajiya. Ranar da Babban Banki ya sayar da takardunsa ya kwashe kuɗi, ko ya cire kason ajiyar dole daga asusun bankuna, sai abin ya juya, farashi ya haura ya manne da na tagar rance.

A ƙarshen 2025 kuɗi sun yi wa bankuna yawa, har suna kwantar da tiriliyoyin naira a tagar ajiya. A irin wannan yanayi, farashin tagar ajiya shi ne farashin kuɗi na gaskiya. A zaman Satumba na shekarar, kwamitin manufofin kuɗi da Gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso yake jagoranta ya sauke MPR zuwa 27, ya sa tazarar +250/-250. Kowane maki 100 kashi ɗaya ne, don haka rance 29.5, ajiya 24.5. A zaman Nuwamba aka bar 27 inda yake, amma tazarar ta koma +50/-450, wato rance 27.5, ajiya 22.5. Kowace taga ta sauko da kashi biyu cur. Biliyan 10 ɗin da ke kawo kimanin miliyan 6 da dubu 710 a dare, ta koma kawo miliyan 6 da dubu 165. Farashi tsakanin bankuna kuwa ya bi ta, ya sauko kusa da 22.5. Wannan ɗanka ya gani a kan teburinsa. A ganina, ragi ne aka yi ba tare da an buga ganga ba. Duk mai karanta sanarwar kwamitin nan, kada ya tsaya a layin farko.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Idi-Araba. Ta ce: "Malaminmu ya ce farashin ba ya taɓa fita daga tsakanin tagogin biyu. Haka ne a zahiri?"

Malama, a kan allo haka ne. A kasuwa kuwa yakan fita, ta sama da ta ƙasa, kuma kowace fita tana da dalilinta.

Ta ƙasa tukuna. Tagar ajiya tana riƙe farashi ne kawai idan za ta karɓi duk abin da aka kawo ta biya a kai. A Nuwamban 2014 Babban Banki ya ƙayyade cewa naira biliyan 7.5 kaɗai zai biya wa kowane banki kuɗin ruwa a kai a rana, a Yulin 2019 ya rage zuwa biliyan 2. Ki ɗauki bankin da ke da rarar biliyan 10 a lokacin. Biliyan 2 sun samu wurin kwana, saura 8 da ba za su kawo ko kwabo ba. Me zai hana ya ba da su a kashi 2 ko ma 1? Da babu gara ba daɗi. Shi ya sa a ƙarshen 2020, lokacin da farashin tagar ajiya yake 4.5, an sha ganin ranakun da rancen kwana ɗaya ya faɗi ƙasa da haka sosai. Daga baya an janye ƙayyadewar, kuma wannan ne ya sa tagar take iya riƙe farashi a labarin Alhaji na ɗazu. Da ƙayyadewar tana nan, canza 24.5 zuwa 22.5 ba zai motsa komai ba.

Ta sama kuma, tagar rance ba ta bayarwa sai da jingina. Bankin da ya riga ya jinginar da takardunsa ba shi da abin kaiwa, dole ya nema a hannun 'yan'uwansa ba tare da jingina ba, su kuma su ɗora masa ladan kasada. Akwai kuma jin nauyi. Bankin da ake gani a tagar rance yau da gobe, masu sa ido za su fara yi masa tambayoyi, don haka wani ya gwammace ya biya tsada a waje a rufa masa asiri. A 2021, lokacin da tagar rance take 12.5, an yi ranakun da farashin kasuwa ya zarce ta nesa ba kusa ba.

Za ki iya duba wannan da kanki. Kamfanin FMDQ da ke nan Legas yana wallafa farashin rancen kwana ɗaya kowace ranar aiki, iri biyu: mai jingina da marar jingina. Ki ajiye su gefen farashin tagogin biyu. Idan suna manne da na ajiya, kuɗi sun yi yawa. Idan suna manne da na rance, an matse kasuwa. Idan kuma marar jingina ya yi wa mai jingina fintinkau, ba ƙarancin kuɗi ba ne kaɗai, bankuna ne suka fara shakkar juna. Batun halaccin kuɗin ruwa, wanda na san wasu za su rubuto a kai, na malamai ne. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Babban Banki ya tanadar musu nasu hanyoyin daban.

Ga wata gajeruwa daga wata Hajiya a Agege: "To ni mai asusun ajiya, an rage mini ne?"

A'a, Hajiya. Ƙa'idar Babban Banki ta ɗaure mafi ƙarancin abin da ake biyan mai asusun ajiya da MPR ne, ba da tagogin ba: kashi 30 cikin 100 na MPR. Da MPR a 27 a ƙarshen 2025, kashi 8.1 ke nan a shekara, kuma sauyin Nuwamba bai taɓa shi ba. Sharaɗin dai kada ki cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, idan kin wuce haka kin rasa na wannan watan. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai babbar ajiya ta wa'adi, ta wata ɗaya ko uku, domin idan ya zo sabuntawa, banki zai auna abin da zai ba shi da abin da shi bankin zai samu idan ya kwantar da kuɗin a tagar ajiya.