Sunan Mutum da Sarautarsa a Bakin Mai Gabatarwa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan faɗa a kan yadda mai gabatarwa, ko sanƙira kamar yadda iyayenmu ke kiransa, zai yi wa baƙi maraba a wajen biki.

Na farko, takarda. Tun daren jajibiri ka zauna da mutum ɗaya daga dangin ango, ɗaya daga dangin amarya, a rubuta maka sunaye, ka karanta musu da ƙarfi su gyara maka. Wanda gida ke kira Garba wataƙila Abubakar yake so a ce a gaban jama'a. Ka tambayi wane ne waliyyin amarya, domin sau da yawa uban yana zaune amma baffanta ne zai ba da aure, haka ma wakilin ango.

Sai sarauta, kuma a nan zan ɗan jima, ku yi haƙuri. Sarauta ba ta cika sai da garinta. Ka ce "Galadima ya iso", wane Galadiman? Akwai Galadiman Kano, akwai na Katsina, akwai na Zazzau, akwai kuma wanda hakimin wani gari ya naɗa wa Galadiman garin. Dukkansu Galadima ne, amma kujerarsu ba ɗaya ba ce. In ka yanke sunan garin, ko dai ka rage wa babba, ko ka ɗora wa ƙarami rawanin da ya fi ƙarfin kansa, shi kuma ya rasa inda zai sa fuskarsa. Na taɓa yin wannan kuskuren ina matashi. Wani dogari ya matso kusa da ni, bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi. Har yau ina jin wannan kallon a ƙeyata. Ku yi dariya, ni ranar ko shinkafar ban iya ci ba.

Kuma kowace kujera da abin da ake sa mata a gaba. Sarkin Musulmi, Mai Alfarma. Sarki, Mai Martaba. Gwamna da hakimi, Mai Girma. Alƙali, Mai Shari'a. Ba kowane sarki ake ce wa sarki ba ma, Shehun Borno ake cewa, Lamiɗon Adamawa ake cewa. Kada kuma kalmar "sarkin" ta ruɗe ka. Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano manyan masu sarauta ne, suna cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Makama, amma Mai Girma za ka ce musu, ba Mai Martaba ba. Na sha jin yara suna raba Mai Martaba kamar alawar biki.

To, ga misali. Sarki bai zo ba, ya turo hakimi ya wakilce shi, alhali a wajen akwai wani hakimin da ya girme shi a majalisa. Wa za ka fara kira? Wakilin sarki, domin yau ba da rigar kansa ya zo ba. Sai ka ce, "Muna maraba da Mai Martaba Sarki, wanda Mai Girma wane, hakimin gari kaza, ya wakilta, Allah ya ja zamanin Sarki." Sunan mai aike a gaba, na ɗan aike a baya, sannan ka dawo kan babban hakimin. In ka ga fadawa sun fara raɗa da juna, to ka sani ka juya jerin.

Na biyu... a'a, na uku ke nan ko? Ko ma dai na nawa ne. Wanda ya zo a makare, in liman yana huɗuba ko ana cikin siga, ka riƙe sunansa sai an shafa fatiha. Kuma kada ka manta da tsoffin unguwa da limamin kansa don ka hango manyan motoci.

Hajiya, kina da tambaya? Ɗaga murya kaɗan. Ta ce a wajen walimar mata, in amarya a hannun kishiyar uwarta ta tashi, ko hannun gwaggonta, wa za a kira uwar amarya? Hajiya, kin taɓo inda na fi jin tsoro. Ni dai "iyayen amarya" nake cewa, in jero su yadda gidan ya ba ni, uwargida a gaba. Wata mahaifiyar ma saboda kunyar 'yar fari ba ta son a ambace ta sam, sai ta ce a kira mai riƙon. Shi ya sa a daren jajibirin nan nake cewa a haɗa ni da wata dattijuwa a gidan, domin mazan sau da yawa ba su san wannan lissafin ba. Akwai wani mai tambaya a can gefe?