Darasi: Dalilin da Bidiyon Biki Ya Ƙi Buɗewa a Tsohuwar Waya

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa daga nan Jos. Darasinmu na yau ya samo asali ne daga wani bidiyon kamu da wani ɗalibina ya haɗa a Unguwar Rogo. Ya ɗauka da iPhone, ya tace a kwamfuta, ya tura wa mahaifiyar amarya ta Xender, sai ga Hajiya ta kira shi tana cewa kiɗan ƙwarya kawai take ji, allon wayar kuwa baƙi ƙirin. Shi kuma ya dage cewa fayil ɗin MP4 ne, kuma kowace waya tana karanta MP4.

A nan kuskuren yake. MP4 mazubi ne kawai, tamkar ambulan da ake saka wasiƙa a ciki, kodek kuwa shi ne rubutun da aka yi wasiƙar da shi, wato hanyar da aka bi aka matse hoton domin ya rage nauyi. Wanda bai iya ajami ba zai buɗe ambulan ɗin lafiya lau, amma ba zai karanta ko harafi ɗaya ba. Saboda haka canja wa fayil suna daga `.mov` zuwa `.mp4`, kamar yadda wasu suke yi, ba ya taɓa abin da ke ciki.

Na buɗe fayil ɗin da manhajar MediaInfo, kuma ga abin da ta nuna a allo: `HEVC`, `Main 10`, `3840x2160`, `60 FPS`. HEVC, wanda ake kira H.265, an kammala shi ne a 2013, shekara goma bayan H.264 na 2003, kuma tun daga 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗaukar bidiyo da shi kai tsaye, sai dai in mutum ya shiga saiti ya zaɓi `Most Compatible`. Yana matse bidiyo fiye da magabacinsa, amma warware shi aiki ne mai nauyi, wanda yake buƙatar wani sashe na musamman da aka gina a cikin injin wayar tun daga masana'anta. Wayar Hajiya tana da irin wannan sashe na H.264 kaɗai. Sautin ya fita ne domin da AAC aka matse shi, kuma wannan ta san shi.

Ku lura da alamomin, domin suna faɗin inda ciwon yake. Idan akwai sauti babu hoto, kodek ɗin hoton ne. Idan hoto yana tafiya shiru, galibi da AC-3 ko PCM aka fitar da sautin. Idan kuwa hoton yana tsinkewa, baki ya saɓa da magana, wayar ta ɗauki zafi, to manhajar kallon ce take ƙoƙarin warware shi da ƙarfin firosesa zalla, kuma 4K mai firam 60 ya fi ƙarfinta.

Ga yadda muka gyara shi da FFmpeg, manhajar sauya bidiyo da ake rubuta wa umarni:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -vf scale=-2:720 -r 30 \
-c:v libx264 -profile:v main -level 3.1 \
-pix_fmt yuv420p -crf 23 \
-c:a aac -b:a 128k -ac 2 biki_waya.mp4
```

Abin da nake so ku riƙe a cikin wannan umarni shi ne `yuv420p`. Mutane da yawa suna sauya bidiyo zuwa H.264, sannan su yi mamakin ganin allon har yanzu baƙi, alhali launin ya biyo su a bit 10 kamar yadda `Main 10` ya nuna yake a asali, kuma wayoyi da yawa, tsofaffi da sababbi, injinsu ba ya warware H.264 mai bit 10. Kalmar `yuv420p` ita ce take dawo da launin bit 8. Shi kuma `level 3.1` iyaka ce da ta dace da 720p mai firam 30, wanda a ganina ya ishi allon da bai wuce tafin hannu ba. Mai aiki da Premiere ko CapCut zai zaɓi `H.264`, da `720p`, da firam 30 a wajen fitarwa, ya kuma kashe `HDR`, domin bidiyon da aka ɗauka da HDR, idan aka sauke shi bit 8 ba tare da daidaita launi ba, sai atamfar 'yan biki ta fito a koɗe kamar wadda ta sha wanki.

Ɗalibin ya tambaye ni dalilin da ɗan guntun da ya tura ta WhatsApp ya buɗe wa Hajiya. WhatsApp yana sake matse bidiyo zuwa H.264 kafin ya aika, matuƙar ba a matsayin `Document` aka tura shi ba, Xender kuwa yadda ka ba shi fayil haka yake miƙa shi. Don haka kafin ku kai aiki, ku ajiye na asali mai nauyin a kwamfuta, ku gwada ƙaramin a kan wayar da ta fi tsufa a shagonku. Na Hajiya ya buɗe a karo na biyu, har ta tambayi abin da ya sa ba a nuno ta da kyau a wurin liƙi ba.