Darasi: Nauyin Tankin Ruwa Idan Ya Cika

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina Aboabo a nan Kumasi, a gidan wata Hajiya da ta sayi tankin roba mai lita 5,000, tana so a ɗora mata shi a kan rufin simintin bayan gida. Jiya samari uku ne suka mirgino shi daga bakin titi. Da na ce a dakata, sai ta ce, "Malam, abin da yara suka turo da hannu shi ne zai gagari siminti?" Na ce, "Hajiya, fanko suka turo. Bari mu auna ruwan tukuna."

To ku riƙe wannan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 1,000 kilo 1,000, wato tan ɗaya. Kenan tankin Hajiya idan ya cika, ruwan kaɗai tan biyar ne. Buhun siminti kilo 50 ne, ko ba haka ba? To buhu 100 kenan. Kai da ka taɓa ɗaukar galan ɗin Kufuor daga famfo, irin mai lita 25, ka san yadda yake jan kafaɗa. Guda 200 ne a cikin tankin nan. Sannan a ƙara nauyin tankin kansa, da na ƙarfen da zai zauna a kai, da na mutumin da zai hau gyara.

Idan rubutun jikin tanki ya goge, awo zai gaya maka. Ga tef a hannuna. Faɗin gindinsa mita 1.8, rabinsa 0.9. Tsayinsa zuwa inda ruwa yake tsayawa mita 2. Filin da'ira ana samunsa ne da rabin faɗi sau rabin faɗi sau 3.14. Ku dubi allo:

```
3.14 × 0.9 × 0.9 = 2.54
2.54 × 2 = 5.08
```

Layin farko shi ne filin da gindin ya ci, murabba'in mita biyu da rabi. Na biyu shi ne cikinsa. Ka ninka shi da 1,000, ka samu lita 5,000 da 'yan kai.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Tan biyar ɗin nan ba a kan rufin duka ya bazu ba, a kan ɗan filin nan na mita biyu da rabi ya taru. Raba 5,000 da 2.5, kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 2,000. Daɓen bene na gidan zama kuwa, yawanci ana lissafa shi ne a kan mutane da kayan ɗaki, kilo 150 zuwa 200 a murabba'in mita. Ninki goma kenan. Kuma mutane suna shiga su fita, ruwa kuwa yana nan zaune dare da rana. Shi ya sa na ce wa Hajiya ba zan ɗora ba sai injiniyan gini ya duba rodin da ke ciki da ginshiƙan da ke ƙasa.

Ku lura da wani abu: kowace mita ɗaya ta tsayin ruwa tana danna tan ɗaya a kan murabba'in mita, ko tankin siriri ne ko mai faɗi. Don haka gajere mai faɗi ya fi dogo sauƙi a kan daɓe, ko da litarsu ɗaya.

Hajiya ta ce to a yi wa tankin mazauni na ƙarfe mai ƙafa huɗu a tsakar gida. Madalla, amma a nan ma da lissafi. Kowace ƙafa za ta ɗauki kilo 1,250, ban da nauyin ƙarfen. Wannan idan ƙafafun sun zauna daidai kenan. Ranar da damina ta jiƙa ƙasa, ƙafa ɗaya ta ɗan nutse, sai ya zama kamar teburin da ke rawa: ƙafa biyu masu kallon juna ta kusurwa su ne za su ɗauki kusan komai, kilo 2,500 kowacce. Saboda haka kowace ƙafa a haƙa mata rami har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare, a kuma ɗaure ƙafafun da ƙarfe a gicciye don kada su lanƙwashe.

Saman kuma ya zama shimfiɗaɗɗe, ya tallafi gindin tankin gaba ɗaya. Na sha ganin an jera ƙarfe uku da tazara an ɗora tanki. Robar sai ta lotsa tsakaninsu, a hankali ta tsage.

Ranar cikawa ta farko, kada a cika lokaci guda. A zuba rabi, a rataya igiya da dutse a jikin ƙafa ɗaya, a ga ko ta karkace. A duba walda, a duba ko kankaren gindin ƙafa ya tsage. Idan komai lafiya, gobe a ƙarasa. Hajiya, a miƙo mana igiyar can in nuna musu yadda ake rataya ta.