Me ya sa ruwa ya fi lu'ulu'u araha?

Jama'a masu sauraro, ba mai iya rayuwa ba ruwa, amma mutum kan tsufa ya mutu bai taɓa riƙe lu'ulu'u ba, kuma ba abin da ya rage shi da shi. Duk da haka ruwan ne mai araha. Masanin tattalin arziki Adam Smith ya tayar da wannan batu a 1776, inda ya bambanta amfanin abu da abin da ake bayarwa a karɓe shi. Sai a 1871 wasu masanan biyu, William Stanley Jevons da Carl Menger, kowa a nasa ɓangaren, suka kwance ƙullin.

A ɗauka wani gida yana sayen jarka biyar ta ruwa kullum. Ta farko ta sha ce, ko 1,000 aka ce masu gidan za su biya. Ta biyu ta girki, za su iya ba da 200. Ta wanka 60, ta wanki 20, ta biyar kuwa yayyafa ƙasa ake yi da ita don ƙura ta kwanta, ba za ta wuce 5 ba. To, idan jarka ɗaya ta zube, ba wanda zai kwana da ƙishirwa, yayyafin kawai za a fasa. Shi ya sa mai ruwa da ke son sayar da duka biyar ɗin dole ya sauko zuwa 5, kuma da yake ruwan iri ɗaya ne, haka zai sayar da kowace. Gidan ya biya 25 ke nan, ya ci amfanin 1,285. Farashi jarkar ƙarshe yake bi, daraja kuwa jimillar amfanin duka ce.

Amma fa ba mai saye kaɗai ke yanke farashi ba. Idan rijiyoyi suka ƙafe har kawo jarka ɗaya ya koma cin 50, mai ruwa ba zai sayar ƙasa da haka ba. Gidan sai ya tsaya a jarka uku, wanki ya jira. Ruwan bai ƙara amfani ba, ƙaranci ne ya ture abin da ake yi da jarkar ƙarshe daga yayyafi zuwa wanka. Shi lu'ulu'u kullum a wannan halin yake: kaɗan ne, haƙo shi da tsada, sai masu iya biya da yawa ke kaiwa gare shi.

Inda masu sana'a ke yin tuntuɓe shi ne zaton cewa tunda kowa na buƙatar kayansu, ƙara yawa ƙara riba ne. Manoman da suka saba girbe buhu 100, su sayar da kowane a kan 100, suna samun 10,000. Damina ta yi kyau, sun girbe 110, amma ciki ba ya ƙara faɗi don hatsi ya yi araha. Kafin rarar ta shige, farashi na iya faɗuwa zuwa 80, su tashi da 8,800. Alamar irin wannan kaya ita ce a rage kuɗinsa sosai, ciniki ya ƙaru ɗan kaɗan, ga kuma masu sayar da irinsa birjik a gefe.